Yadda ake kama kuskuren harafi a rubutun Turanci: ninka baƙi, harafin da ba a furtawa, da rikicin ie da ei

Wani ɗan yayata ya kawo mini wasiƙar da zai kai ofishin kula da ɗalibai na makarantarsu, ya ce, "Kawu, duba mini kafin in buga." Wasiƙar ba ta da tsawo, kuma Turancin ba laifi. Amma jimlar farko kaɗai sai da na zagaye kalma bakwai da jan biro. Ga ta yadda ya rubuta:

*I am writting to say that I have recieved the reciept for my accomodation, but I was dissapointed that the same error occured at the begining of the term.*

Yaron ba daƙiƙi ba ne. Kusan duk wanda ya fara karatu da Hausa ya yi irin waɗannan kurakuran, ni ma na yi su shekara da shekaru. Da wannan jimlar za mu yi aiki, kalma bayan kalma, domin kowace a cikinsu tana da dalilin da ya sa aka rubuta ta yadda take.

Mataki na farko: ka daina neman shadda a Turanci

A Hausa, idan ka ga baƙi biyu a jere, kunnenka yana jin su. Tsakanin baba da babba akwai bambanci a baki, haka tsakanin mana da manna. Wanda ya yi Islamiyya ya san abin da sunan shadda: harshe yana tsayawa a kan baƙin, ya danna shi, sannan ya wuce. Shi ya sa Bahaushe ba ya cika kuskuren ninka baƙi a harshensa, abin da ya ji shi yake rubutawa.

Turanci ba haka yake ba. Bature yana furta *n* ɗin *dinner* daidai da *n* ɗin *diner*, babu wani dannawa. Abin da ya canza shi ne wasalin da ke gaban baƙin. A *dinner* wasalin gajere ne, kamar na "din". A *diner* kuwa ya koma "dai". Wato ninkin baƙi a Turanci alama ce da aka kafa don ta gaya maka yadda za ka karanta wasalin da ya gabace shi. Idan ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare. Gwada da *hopping* da *hoping*: ta farko tsalle-tsalle ce, daga *hop*, ta biyu fata ce, daga *hope*. Haka *planning* da *planing*: ɗaya tsara shiri, ɗaya goge katako da kafinta yake yi.

Yanzu dubi *writting* ɗin yaron nan. Tushen kalmar *write* ne, ana furta ta "rait". Wannan *e* ta ƙarshe ba a furta ta, aikinta kawai ta nuna cewa *i* ɗin "ai" ne. Idan za a liƙa mata *-ing*, sai a jefar da *e*, a bar *t* guda: *writing*. Da ka ninka *t* ɗin, ka umarci mai karatu ya ce "riting". Abin da yake ruɗa mutane shi ne 'yar'uwarta *written*, mai *t* biyu. Ita kuwa daidai take, domin a can wasalin gajere ne da gaske, "ritin" ake cewa. Kalma ɗaya, sauti biyu, rubutu biyu. Irin wannan kuskuren ne ake gani a allunan gidajen abinci da makarantun kwana, inda ake rubuta *dinning hall* maimakon *dining hall*.

Mataki na biyu: tambayoyi huɗu kafin ka ninka

Idan kalma mai gaɓa ɗaya ce kuma za ka ƙara mata ɗafa-ƙeya, ka tsaya ka duba tushen, kafin ka ƙara komai. Shin ta ƙare da baƙi guda ɗaya? Shin wasali guda ne kacal a gaban wannan baƙin? Shin ɗafa-ƙeyar da wasali ta fara, irin su *-ing*, *-ed*, *-er*, *-est*? Idan duka amsoshin e ne, ninka. *Stop* ta zama *stopped*, *big* ta zama *bigger*, *run* ta zama *running*. Idan ɗaya ta faɗi, kada ka ninka. *Help* ta ƙare da baƙi biyu, don haka *helping*. *Wait* tana da wasali biyu a jere, don haka *waiting*. *Sad* tana ba da *sadder*, amma *sadly* da *sadness* ba su ninka ba, tunda *-ly* da *-ness* da baƙi suka fara.

Haruffa uku ba a ninka su ko da sun cika sharaɗi: *w*, *x* da *y*. Shi ya sa ake rubuta *fixing*, *showing*, *playing*. Sai kuma *quit*, wadda take kamar tana da wasali biyu, alhali *u* ɗin abokiyar tafiyar *q* ce, ba a ƙirga ta. Don haka *quitting*.

Tambaya ta huɗu ta kalmomi masu gaɓa biyu ko fiye ce, kuma nan ne Bahaushe yake shan wuya. Tambayar ita ce: a kan wace gaɓa nauyin murya yake sauka? Hausa da karin sauti take aiki, hawa da saukar murya. Turanci kuwa a kowace kalma akwai gaɓa ɗaya da ake bugawa da ƙarfi, sauran a sassauta su. Mu da muka koyi Turanci a aji mukan ba kowace gaɓa ƙarfi iri ɗaya, sai alamar da za ta yi mana jagora ta ɓace.

Dokar ita ce: idan nauyin yana kan gaɓar ƙarshe, ninka. *Begin* ana buga "gin" ne, don haka *beginning*. *Occur* ana buga gaɓar ƙarshe, don haka *occurred* da *occurrence*. Ga biyu daga kurakuran wasiƙar nan sun warware. Idan kuwa nauyin yana farko, bar baƙin shi kaɗai: *visit* ta ba da *visited*, *open* ta ba da *opening*, *offer* ta ba da *offered*, *benefit* ta ba da *benefited*.

Misalin da na fi so shi ne *refer*. Nauyinta a ƙarshe yake, don haka *referred* da *referring*. Amma da aka ce *reference*, sai nauyin ya yi ƙaura ya dawo gaɓar farko, ninkin ya tafi. Haka *prefer*, *preferred*, *preference*. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa abin ba da ka ake yin sa ba.

To idan kunnenka bai saba ba fa? Buɗe ƙamus. A cikin rubutun furucin da ke gefen kalma za ka ga wata 'yar alama a sama, kamar waƙafin sama miƙaƙƙe, a gaban gaɓar da ake bugawa. A *begin* tana gaban gaɓa ta biyu, a *visit* tana farkon kalma. Minti ɗaya ne. Ni dai na fi yarda da wannan alamar a kan kunnena, domin na taɓa shafe shekaru ina buga *develop* a inda bai dace ba. Nauyinta a tsakiya yake, don haka *developed*, *p* guda.

Akwai wurin da dokar take karyewa, kuma ya shafe mu kai tsaye. A rubutun Birtaniya, wanda shi ake bi a makarantun Nijeriya da Gana, harafin *l* ana ninka shi bayan wasali guda ko da nauyin yana farko: *travelled*, *cancelled*, *labelling*. Amurkawa suna rubuta *traveled* da *canceled*, tafarkin da ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafawa. Duka biyun ba kuskure ba ne, kuskuren shi ne ka gauraya su a takarda ɗaya. Kuma kalmar da ta ƙare da *c* ba a ninka ta, *k* ake ƙara mata don kada sautin ya koma "s": *panic*, *panicked*.

Mataki na uku: yanka kalmar a gaɓar haɗinta

*Dissapointed* wata cuta ce daban. Yaron ya san akwai ninki a cikin kalmar, sai dai bai san inda yake ba, sai ya ajiye shi inda hannunsa ya faɗa. Maganin shi ne lissafi irin na 'yan aji ɗaya. Ɗafa-goshi ba ya rage komai, ba ya ƙara komai, liƙa shi kawai ake yi. *Dis* a haɗa da *appoint*: *s* ɗaya, *p* biyu, *disappoint*. *Dis* da *appear*: *disappear*. Amma *dis* da *satisfied* dole *s* biyu su haɗu, ɗaya daga nan ɗaya daga can: *dissatisfied*. Haka *mis* da *spell* suka ba da *misspell*, *un* da *necessary* suka ba da *unnecessary*, *re* da *commend* suka ba da *recommend* mai *c* guda.

A ƙeya ma haka ne. *Real* da *-ly*, *really*. *Final* da *-ly*, *finally*. *Sincere* da *-ly*, *sincerely*, ba a taɓa *e* ɗin ba. Ɗafa-ƙeyar *-ful* kuwa *l* ɗaya gare ta, ko da yake kalmar *full* mai zaman kanta tana da biyu: *useful*, *grateful*, *faithful*. Sai an ƙara *-ly* sannan biyu su bayyana, kamar a *Yours faithfully* da ake rufe wasiƙa da ita. *Commit* tana tattara darasin duka a gida ɗaya: *committed* da *committee* sun ninka *t* saboda wasali ne ya biyo baya, *commitment* ba ta ninka ba saboda *m* ce.

Sauran *accommodation*. Ita ba ta yankuwa cikin sauƙi, domin haɗin nata tun a Latin aka yi shi. Akwai irinta da dama, kuma gaskiya haddace su ake yi: *accommodation* mai *c* biyu da *m* biyu, *necessary* mai *c* ɗaya da *s* biyu, *occasion* mai *c* biyu da *s* ɗaya, *embarrass* mai *r* biyu da *s* biyu, alhali *harass* tana da *r* ɗaya. A nan kalmomin aro suna yaudarar mu. Mun ce adireshi, kwamiti, farfesa, kwamishina, fasinja, babu shadda ko ɗaya, domin kakanninmu abin da kunnensu ya ji suka ɗauka, kuma daidai suka ji. Amma a takarda *address* ce, *committee*, *professor*, *commissioner*, *passenger*. Lura da *professor*: *f* ɗaya, *s* biyu. Na sha ganin an juya ta a katin gayyata, an buga ɗaruruwa.

Mataki na huɗu: harafin da ya yi shiru, nemi danginsa

Mu koma kan *reciept*. Kafin mu taɓa *ie* ɗinta, dubi *p* ɗin. Yaron ya sa shi, ya kyauta, da yawa ba sa sawa. A Hausa rasit muke cewa, kuma Bature ma ba ya furta *p* ɗin. Me yake yi a wurin?

Haruffan shiru ba daga hanya ɗaya suka shigo ba. Wasu a da ana furta su. Turawan da suna faɗar *k* ɗin *knee* da *knife*, da *w* ɗin *write*, kuma *gh* ɗin *night* wani sauti ne na maƙogwaro mai kama da harafin Larabci na farkon kalmar "khairan". William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa a takarda, baki kuwa ya ci gaba da canzawa. Wasu haruffan kuma cusa su aka yi da gangan. Ana rubuta *dette* da *doute* babu *b*, sai masana masu son nuna asalin Latin suka saka shi, aka sami *debt* da *doubt*. Ta wannan hanyar *p* ɗin *receipt* ya shigo. *S* ɗin *island* ma kuskure ne ya kawo shi: an ɗauka kalmar dangin *isle* ce, alhali asalinta daban.

Tarihin yana da daɗi, amma abin da zai cece ka a ɗakin jarrabawa shi ne wannan dabarar: harafin da ya yi shiru a kalma ɗaya sau da yawa yana magana a bakin 'yar'uwarta. Kana shakkar *g* ɗin *sign*? Faɗi *signature*, za ka ji shi. *Resign*, *resignation*. *B* ɗin *bomb* yana fitowa a *bombard*, na *debt* a *debit*, na *doubt* a *dubious*. *N* ɗin *condemn* yana fitowa a *condemnation*, *c* ɗin *muscle* a *muscular*, *p* ɗin *receipt* a *reception*. Ka furta dangin a zuci, ka rubuta harafin, ka wuce.

Waɗanda ba su da dangi mai magana, ka riƙe su a rukuni gwargwadon wurin zamansu. *Kn* da *wr* a farkon kalma suke zama. *Mb* a ƙarshe: *climb*, *thumb*, *comb*. *T* takan ɓuya bayan *s*, kamar a *listen* da *castle*. *Ps* da *pn* na kalmomin Girkanci ne, irin *psychology* da *pneumonia*. Kalmominmu na aro ma shaida ne: awa daga *hour*, ba mu ɗauko *h* ba domin ba a furta ta. Gadi daga *guard*, *u* ɗin ta zauna a takarda.

A nan zan faɗi abin da wasu malamai ba za su so ba. Furucin nan namu na ƙasa, inda ake faɗar *b* a *plumber* da *t* a *listen*, kuskure ne a jarrabawar furuci, amma a wajen rubutu taimako ne. Ina ba ɗalibai shawara su riƙe murya biyu: ta rubutu, wadda ke faɗar kowane harafi a zuci, har *Wednesday* ta zama "Wed-nes-de", da ta magana, wadda ke barin su. Matsalar tana zuwa ne idan aka manta wacce ce wacce.

Ita kuwa *e* ta ƙarshe mun riga mun gamu da ita. Tana faɗuwa gaban wasali, ta tsaya gaban baƙi: *hoping* amma *hopeful*, *using* amma *useless*. Tana tsayawa bayan *c* ko *g* idan *a* ko *o* ne zai biyo, don ta kiyaye laushin sautin: *noticeable*, *courageous*. 'Yan tawayen da suka jefar da ita ba bisa ƙa'ida ba kaɗan ne, kuma su ake yawan faɗuwa a kai: *truly*, *argument*, *ninth*.

Mataki na biyar: ie ko ei, fara da kunne

Kowa ya haddace waƙar nan a firamare: *i before e, except after c*. Wato *i* ta riga *e*, sai fa bayan *c*. Matsalar ita ce an koya mana rabinta. A Birtaniya akan ƙara sharaɗi cewa dokar tana aiki ne kawai idan haruffan biyu suna ba da doguwar "ii", irin wasalin ƙarshen kalmar kifi idan ka ja shi. Ba tare da sharaɗin ba, keɓantattun suna da yawa ƙwarai, har wata takardar jagorar malamai da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2009 ta ce dokar ba ta cancanci a koyar da ita ba. Ni ban kai can ba. A ganina wuƙa ce mai kyau da aka ba yara ba tare da an gaya musu abin da take yankawa ba.

Ga yadda za ka yi. Furta kalmar tukuna. Idan sautin "ii" ne, dubi harafin da ke gabansa. In ba *c* ba ne, rubuta *ie*: *believe*, *chief*, *field*, *niece*, *piece*, *achieve*. In *c* ne, rubuta *ei*: *receive*, *deceive*, *perceive*, *ceiling*, *receipt*. Rukunin nan na bayan *c* ƙarami ne, yawancinsa gida ɗaya ne mai ƙarewa da *-ceive*, har da 'ya'yansa irin *deceit* da *conceit*. *Recieved* da *reciept* na yaron nan duk a nan suka faɗi. Kada *piece* da *niece* su ruɗe ka: *c* ɗinsu bayan wasulan take, dokar kuwa wadda ta gabace su take nufi.

Idan sautin "ei" ne, kamar a *eight*, ka ajiye waƙar gefe, *ei* ake rubutawa: *weight*, *neighbour*, *reign*, *vein*. Idan *c* ɗin tana ba da sautin "sh", *ie* ce: *ancient*, *efficient*, *sufficient*, *conscience*. Idan wasulan biyu a gaɓa daban-daban suke, kamar *science* da *society*, kunnenka zai gaya maka jerin, domin kowanne ana jin sa. Jam'in kalma mai ƙarewa da *-cy* ma ba ruwansa da dokar: *policies*, *agencies*.

Abin da ya rage bayan wannan tacewar ɗan kaɗan ne. Masu sautin "ii" da suka ƙi bin doka: *seize*, *protein*, *caffeine*, sai *weird* da ke kusa da su. Masu wani sautin daban: *height*, *their*, *foreign*, *leisure*, *either*, *neither*, da *friend*. Ka lura da *seize* da *siege*, kusan sauti ɗaya, rubutu a juye. Don *friend*, ka tuna cewa da *end* take ƙarewa.

Duba na ƙarshe

Na sa yaron ya karanta wasiƙarsa daga kalmar ƙarshe zuwa ta farko. Idan kana karantawa gaba, ma'ana ce take jan idonka, sai ya tsallake harafi. Idan ka juyo ta baya, kowace kalma ita kaɗai take tsayawa a gabanka. Duk inda ya ga *-ing* ko *-ed* sai ya rufe ta da yatsa ya dubi tushen. Duk inda ya ga *dis* ko *un* sai ya yanka. Ga abin da ya fito:

*I am writing to say that I have received the receipt for my accommodation, but I was disappointed that the same error occurred at the beginning of the term.*

Ya ce, "Kawu, ai da na buga a kwamfuta da jan layi ya nuna mini duka." Gaskiya ne, waɗannan bakwai ɗin zai kama su, domin babu irinsu a ƙamus. Amma sai ka fara gyara harshen da take dubawa. A Word ka shiga Review, sai Language, sai Set Proofing Language, ka zaɓi English (United Kingdom). In ba haka ba za ta iya ja wa *travelled* da *neighbour* layi alhali daidai suke, ka bi ta ka ɓata abin da ka rubuta da kyau. Kuma jan layin ba abin dogaro ba ne idan kuskuren ya haifi wata kalma ta gaske: *later* da *latter*, *staring* da *starring*, *filing* da *filling*, duka suna cikin ƙamus.

Na ce ya duba sakin layi na biyu na wasiƙar tasa da kansa. Ya daɗe yana bin sa da yatsa, sannan ya yi dariya. Ya rubuta *I am hopping for a quick reply*, wato yana tsalle da ƙafa ɗaya yana jiran amsa. Ya ɗauki biron ya soke *p* ɗaya.